Babi na Biyar

Azumin bana ya zo da zafin da na daɗe ban ji irinsa ba. Ranar sha bakwai ga wata ina zaune a falo bayan la'asar, fanka na kaɗa iska mai ɗumi, sai aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita, soket ɗin firij ya yi wata 'yar ƙara, ƙaurin roba ya tashi. Abin bai kai ya kawo ba, an canja soket kafin magariba. Amma ƙaurin nan ya zaunar da ni, ya mayar da ni Dutsin-Ma, cikin wani azumi na bazara, shekara biyu bayan an ba mu jihar Katsina.

Lokacin ina koyarwa a makarantar 'yan mata, an ba ni hutun ƙaro ilimi ina digiri na biyu a Zariya. Kundina a kan yadda matan ƙauyukan Rawayau suka riƙe gidajensu ne a shekarun fari, da abin da suka ci da yadda suka raba ɗan abin da ya rage a rumbu. Sau biyu ana ƙara mini wa'adi saboda rashin lafiyar mahaifinmu da rasuwarsa. A karo na uku malamin da ke duba aikina ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: ranar Alhamis kaza, ƙarfe huɗu na yamma, in kundin bai shiga ofishin sashe ba, rajistata ta mutu. Hutun aikina ma a watan zai ƙare. Shekara uku ke nan za su tafi a banza.

Na tattara na koma gidan yayana Sani a Dutsin-Ma, don can akwai lantarki, gidanmu na Kurfi kuwa babu. Yaya Sani injiniya ne a aikin noman rani na Zobe. Ya je kwas ƙasar waje ya dawo da wata kwamfuta ta ɗora wa a cinya, irin wadda yanzu ake ce wa laftof. Mu dai na'ura muke ce mata. A duk garin ban san wani mai irinta ba. Da aka tura shi Kaduna na wata uku shi da iyalinsa, ya bar mini gidan da na'urar. Inna, mahaifiyarmu, ta taso daga Kurfi ta zo ta zauna da ni, ta ce ba za ta bar ni in yi azumi da biro kaɗai ba.

Sai na bayyana yadda na'urar take, don yaran yanzu ba za su gane ta ba. Ba ta da ma'ajiya ta dindindin a cikinta. Rami ɗaya gare ta a gefe, inda ake zura faifai, ɗan murabba'i na roba kamar tafin hannu. Faifai biyu Yaya ya bar mini. Ɗaya na manhajar rubutu, shi ake sa wa in za a yi aiki. Ɗayan na ajiya, a cikinsa babobina suke tare da wasu tsofaffin lissafe-lissafensa na ruwan dam. Tunda ramin ɗaya ne, ya keɓe mini wani sashe na ƙwaƙwalwar na'urar mai suna D, inda nake ajiye abin da nake rubutawa. D ɗin nan batir ne ke riƙe da shi. Ko an kashe na'urar yana nan, muddin akwai sauran caji. Ranar da zai tafi ya tsaya bakin mota ya ce, “Rakiya, D ba ajiya ba ce. Kullum kika gama, ki fita daga manhajar, ki cire faifanta, ki sa na ajiya, ki kwafe. Batir ya mutu, D ya tafi.”

Na ce, “To, Yaya.”

Fuskar na'urar kuma ba ta da haske na kanta. Toka-toka ce, baƙaƙen haruffa a kai kamar na agogon hannu. Sai da hasken rana ko na fitila ake karanta ta.

Zafin shekarar ba a magana. Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙara. Ruwan famfo sai bayan kwana uku, shi ma da dare, kowa ya fito da bokiti da tulu a yi layi. Inna takan jiƙa buhu ta naɗe randa da shi, ta jiƙa zane ta rataya a taga. Hadari yakan taso daga gabas da yamma, ya yi baƙi, mu fito muna kallo, sai iska ta watsa shi. Wuta kuwa ba ta da lokaci, amma ta fi zuwa da dare. Don haka na raba aikina biyu. Da rana in kwanta rub da ciki a kan siminti in rubuta da hannu a falle-fallen takarda, gumi na ɗiga a kai. Bayan asham, in an kawo wuta, in zauna in buga abin da na rubuta a na'ura, in jefa takardun cikin wani kwali a bayan ƙofa.

Da la'asar gidan yakan cika da ƙarar turmi. Inna ta surfa wake, maƙwabciyarmu ta kai mana markaɗe, a dama kunun tsamiya, a soya ƙosai. Kafin a kira salla an rarraba, wannan ƙunshi na masallaci, wannan na gidan mai gadi, wannan na tsohuwar da ke bayan layi. Daga can ma kwanuka su shigo mana. Ƙanƙara sai gidan wani ma'aikacin asibiti mai firij, in an samu gutsure ɗaya sai a jefa cikin jug, a zauna ana kallonsa yana narkewa ana jiran ladan. Yanzu firij biyu ne a gidana, ban taɓa jin sanyin ruwa irin na jug ɗin nan ba.

Babi na ɗaya zuwa na huɗu na gama su tun kafin azumi, an buga su a takarda a ofishin su Yaya. Akwai babbar kwamfuta da firinta a can, a hannun wata mata da ake kira Madam Ladi, Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta daɗe a garin har Hausarta ta koma ta Katsinawa. Saura babi na biyar, shi ne zuciyar aikin, inda maganganun matan suke, sai kammalawa.

Ranar Lahadi, kwana huɗu kafin wa'adi, aka wuni da wuta. Da yamma na ce bari in kwafe babi na biyar daga D zuwa faifan ajiya, don rabona da yin haka tun Larabar da ta wuce. Na'urar ta ce faifai ya cika. Sai na goge tsohon babi na biyar da ke kansa, tunda ga sabo zai shiga, na haɗa da fayil biyu na lissafin Yaya da ya ce ya gama da su. Ina gama gogewa ladan ya kira salla. Inna ta ƙwala mini kira, na cire faifan na tura cikin aljihun tebur na tashi. Bayan an sha ruwa jikina ya mutu. Da na koma na mayar da faifan manhaja na ci gaba da rubutu, a raina na riga na kwafe. Litinin da Talata na ce ai ranar Lahadi na yi, bari in ƙarasa gaba ɗaya.

Ranar Laraba tun safe babu wuta. Na yi ta aiki da batir har ɗan jan hasken da ke gefen maɓallai ya fara ƙiftawa, na kashe na jira. Aka sha ruwa, aka yi asham, shiru. Sai wajen sha ɗaya aka kawo. Na jona adaftar da ke yi wa na'urar caji na zauna. Shafi biyu suka rage mini, na kammalawa, na buga su kai tsaye daga kaina, ban rubuta a takarda ba. Na tuna na sa aya ta ƙarshe na ce alhamdulillahi a fili, Inna ta amsa daga tsakar gida inda take kwance a tabarma.

Ban rufe baki ba ƙwan fitilar ɗakin ya yi wani fari ƙal kamar rana, fanka ta ɗauki gudu, sai tas, ƙwan ya fashe. Duhu ya rufe ɗakin. Ƙaurin roba ya taso daga ƙarƙashin tebur inda adafta take. A cikin duhun abu ɗaya nake gani, jan hasken nan yana ƙiftawa. Batir bai samu ko cajin minti arba'in ba, kuma ina aiki da ita duk lokacin.

“Inna! Fitila! Ki kawo fitila!”

“Mi ya faru? Rakiya, mi ya fashe?”

“Fitila, Inna, don Allah!”

Ba na ganin komai a fuskar na'urar. Da lalube na danna maɓallan ajiyewa da na fita, waɗanda yatsuna suka haddace. Na cire faifan manhaja, na shiga laluben na ajiya cikin aljihun tebur, hannuna na cin karo da birori da almakashi. Ina jin Inna a madafi tana ƙyasta ashana, ta farko ta mutu, ta biyu ta mutu. Da ta shigo da fitilar ƙwai na samu faifan na zura. Na'urar ta fara wani kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Na buga umarnin kwafewa, na yi kuskuren harafi, na goge na sake. Yatsana yana kan maɓallin da zai sa ta fara aiki, haruffan suka dushe suka ɓace. Jan hasken ma ya mutu.

Na kashe na kunna. Ta yi ɗan motsi ta mutu. Na sake, na sake, ban san sau nawa ba. Daga baya na gane ɗan cajin da ya rage yana riƙe da D ne nake ƙarasawa da hannuna. A nan kuma, ina zaune da na'urar a cinya, ranar Lahadi ta dawo mini tiryan-tiryan: na goge, ladan ya kira, na tashi. Ban kwafe ba. Babi na biyar ba ya D, ba ya faifai.

Ban yi kuka nan da nan ba. Na dai sauka daga kujera na zauna a ƙasa. Inna ta ajiye fitila ta dube ni.

“Ya lalace?”

“Ya tafi, Inna. Duk abin da na yi ya tafi.”

“Ya tafi ina? Ba ga abin nan a hannunki ba?”

Na ce rubutun da ke ciki wuta ce ke riƙe da shi, wutar ta mutu. Ta ja carbinta. Can ta ce, “Matar nan ta ofishin Sani, ba aikinta ke nan ba? In an yi asuba sai mu tahi.”

Sai na tuna da kwalin bayan ƙofa. Aƙalla aikin satin nan yana rubuce da hannu. Na ja fitila na leƙa, kwali wayam. Na juyo na dubi Inna, na ga fuskarta ta canja.

“Takardun da kike zubarwa? Ni na zaci kin gama da su. Da su nike ƙunshe ƙosai.”

Na ɗaga mata murya a daren, abin da ban taɓa yi ba. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, kuma ba na son in tuna. Ta ɗauki fitila ta shiga madafi, na ji tana ɗaga kwanuka. Ta dawo da falle tara da ba ta kai ga rabarwa ba, uku a ciki ta shimfiɗa su a kwando ta tsane mai, sun yi shara-shara har ana ganin hannu ta bayansu. Lambobin da na sa a kusurwa sun nuna sha huɗu ne gaba ɗaya. Biyar sun bi ƙosai.

Sahur ɗin ranar ruwa kawai na iya sha, sai da Inna ta tsare ni na haɗiye fura rabin kofi. Muna idar da sallar asuba muka fita, faifan na naɗe cikin hankici a jakata. Ko a lokacin iskar ba ta yi sanyi ba, mutane na kwance a ƙofar gidajensu a kan tabarmi. Da muka isa gidan Madam Ladi, ta buɗe mana da ɗaurin ƙirji, ta gaida Inna har ƙasa. Na fara bayani ina haɗa kalmomi, ta ɗaga hannu.

“Tsaya, Malama. Tun da kika goge, kin ajiye wani abu a kan faifan?”

“A'a. Jiya na so in kwafe, ta mutu kafin in danna.”

“Kin tabbata ba ta fara ba? Ba ki ji faifan ya juya ba?”

“Bai juya ba.”

“To ki gode wa Allah da ta mutu. Da ta fara ta tsaya a tsakiya, da ta taka tsohon, sabon kuma bai shiga ba. Bari in sa kaya.”

Ƙarfe shida da rabi muna ofis. Ta lallaɓi mai kula da janareta ya tayar da shi kafin lokaci. Babbar kwamfutar tana da rami biyu, na manyan faifai da na ƙanana irin nawa. Abu na farko da ta yi, ta juya faifaina ta tura wani ɗan makulli a kusurwarsa har rami ya buɗe, ta ce yanzu ba abin da zai iya rubutu a kansa. Ta ɗauko sabon faifai daga durowarta ta kwafe nawa gaba ɗaya a kai, ba fayil-fayil ba, duk faifan daga farko har ƙarshe, har da wuraren da ake ganin babu komai. Ramin ƙananan ɗaya ne, sai ta yi ta musanya su, na'urar na cewa sa wannan, cire wancan. Da ta gama ta miƙo mini nawa.

“Mayar jaka. A kan wannan za mu yi wasa, in mun ɓata mu sake kwafa.”

Tana aiki tana yi mana bayani, rabi don ni rabi don Inna da ta zauna a benci ta zuba mata ido. Ta ce faifai kamar gida ne mai ɗakuna ƙanana da yawa, a bakin ƙofa akwai rajista mai sunan kowane fayil da ɗakin da ya fara. In an ce goge, kwamfuta ba ta share ɗakunan. Harafin farko na sunan kawai take kankarewa, ta yi shelar ɗakunan nan babu kowa, duk mai so ya shiga. In ba wanda ya shiga, kayan suna nan.

Ta buɗe wata manhaja da turawan da suka kafa kwamfutar suka bari. Jerin sunaye ya fito, uku a ciki da alamar tambaya a gaba. Na ga ?ABI5.

“Wane harafi ne na farko?”

“B.”

Ta danna. Faifan ya yi ƙugi, ya yi shiru. Ta buɗe fayil ɗin, sai ga kan babin, ga sakin layi na farko, ga sunan ƙauyen farko da na je. A nan ne kukan ya zo. Inna ta ce, “Ya dawo?” Na gyaɗa kai. Madam Ladi ba ta ɗago ba, tana ta gangarawa ƙasa.

A shafi na tara, ana tsakiyar maganar wata tsohuwa kan yadda suke dafa tafasa da dusa, rubutun ya yanke, lambobi suka cika fuskar, da wasu alamomi marasa kan gado. Lissafin ruwan Yaya Sani ne. Bayan kusan shafi guda maganar tsohuwar ta ci gaba daga inda ta tsaya. Haka ya faru a wuri shida. A ƙarshe kuma babin ya tsaya a tsakiyar kalma, kusan shafi huɗu kafin inda na san ya kai.

Madam Ladi ta ce dalili shi ne gogewa tana share taswirar da ke nuna wane ɗaki ke bin wane. Manhajar ta san ɗakin farko, ta san girman fayil ɗin, sai ta bi ɗakunan da babu kowa a jere tana kwasa har adadin ya cika. Tunda fayil uku na goge a tare, kuma faifan ya tsufa an yi ta rubutu ana gogewa, ɗakunansu a cakuɗe suke. Ta kwaso na Yaya a ciki, ta bar wutsiyar nawa a baya.

“Wutsiyar tana nan?”

“Ya kamata. Sai mu leƙa sauran ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Ke kika san rubutunki.”

Haka muka yi. Ta buɗe ɗaki, in duba. Lambobi, mu wuce. Lambobi, mu wuce. Sai ga rubutuna, kamar sakin layi ɗaya da rabi, ya fara a tsakiyar jimla ya ƙare a tsakiyar wata. In karanta ƙarshen wannan, mu nemi wanda farkonsa ya dace da shi. Guda bakwai muka tsinto, ta haɗa su a sabon fayil ta liƙa a gindin babin, ta yanke lambobin Yaya. Ƙarfe takwas da rabi ina da babi na biyar kamar yadda yake ranar Larabar makon jiya, shafi talatin cif. Gyare-gyaren da na yi masa cikin satin sun tafi, da shafuka goma sha biyu da na ƙara.

Ma'aikata sun fara shigowa, masinja ya kawo mata shayi da burodi kamar kullum. Ta dube mu ta ce ya mayar. Inna ta ce, “Ki sha abinki, ɗiyata, azuminmu ba naki ba ne.” Madam Ladi ta ce in ta sha hannunta nauyi yake yi. Ta rubuta takarda ta manna a ƙofa cewa kwamfuta tana kan gyara.

Na fito da falle taran nan. Ina karantawa tana bugawa, ba ta kallon maɓallai. Masu man sai na ɗaga su saitin taga kafin in ga tawadar. Ofishin ya cika da ƙamshin ƙosai, mu biyu masu azumi a ciki, har Inna sai da ta yi dariya. Inda falle ya ɓace, in rufe ido in faɗo abin da na tuna, in haɗa bakin wannan da wancan. Maƙogwarona ya bushe, muryata ta koma raɗa. Wata magana ta wata mata a Rawayau, wadda ta ba ni labarin ranar da ta buɗe rumbun iri ta dafa wa yara, na kasa dawo da ita yadda ta faɗa. Kaset ɗin hirar kuwa na daɗe da naɗar wata hira a kansa. Ban yarda in sa mata kalmomin da ba nata ba, na ba da labarin da bakina a jimla biyu na wuce. Har yau wurin yana yi mini ciwo.

Kammalawar da na yi alfahari da ita a daren jiya, ko jimla ɗaya ba ta dawo ba. Na faɗi wata sabuwa a tsaye, shafi ɗaya da rabi, Madam Ladi na duban agogon bango. Ƙarfe goma da rabi ta ajiye a faifai biyu, sannan ta kunna firinta. Irin mai allura ce, tana bin kowane layi sau biyu don rubutun ya yi baƙi, tana ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Shafi arba'in suka ci fiye da awa ɗaya. Ina yage gefen takardun masu huji, Inna na jera su a cinyarta yadda na miƙa mata, ba ta san ko harafi ɗaya a ciki ba.

Motar ofis za ta kai wasu takardu Kaduna a ranar, Madam Ladi ta roƙi direban ya sauke ni Zariya. Muka biya gida na ɗauki babi huɗun farko. A bakin mota Inna ta miƙo mini gorar ruwa ta ce matafiyi yana da sauƙi, in na ji ba zan iya ba in sha in rama. Na karɓa. Na so in ba ta haƙuri kan daren jiya, direba ya danna ham.

Sha biyu ta wuce muka tashi, ta Ƙanƙara da Funtuwa. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda. Gonaki an share an yi kunya suna jiran ruwa, shanu a tsaye ƙarƙashin gawo. Ban sha ruwan ba, na dai jiƙa gyale na rufe fuska. Huɗu saura kwata na shiga ofishin sashe da kundi kwafi ɗaya, ba ɗinki ba bango, ɗaure da igiyar fayil. Sakataren ya juya shi, ya dubi agogo, ya dube ni. Ya buga hatimi ya ce sauran kwafin in kawo da safe.

A ɗakin wata ƙawata na sha ruwa. Washegari na yi hoton sauran kwafin na kai, na kwana biyu ina barci kamar mara lafiya. Kundin ya wuce bayan wata huɗu, da 'yan gyare-gyare. Na'urar kuwa sai da Yaya ya kai ta Legas aka canja mata adafta da batir. Da ta tashi D fayau yake. Ɗalibaina na yanzu in na ba su labarin sukan tambaye ni me ya hana ni tura wa kaina ta imel.

Ranar Lahadi na koma Dutsin-Ma. Muna wuce Ƙanƙara hadari ya haɗu, wannan karon bai watse ba. Na sauka a tasha cikin ruwan farko na shekarar, yara na tsalle a kwata, ƙasa na tashin ƙamshi. Na shiga gida jiƙe sharkaf. Inna na jawo bokitai ƙarƙashin indararo, ta gan ni ta saki.

“An karɓa?”

“An karɓa, Inna.”

Ta yi hamdala ta ce in shigo in ga wani abu. Ta ɗaga gefen katifarta ta zaro wasu takardu da ta danne su suka miƙe. Ashe ranar da na tafi, da tsakar ranar nan, da azumi a bakinta, ta bi gidajen da take aika ƙosai ɗaya bayan ɗaya. Ta je gidan mai gadi, ta je wurin tsohuwar bayan layi, ta sa ladan ya duba mata bayan masallaci inda ake zuba shara. Falle shida ta samo. Biyu yagaggun jarida ne, ɗaya takardar jarrabawar ɗan wani. Uku nawa ne, sun yi baƙi da mai da ƙasa, tururuwa ta ci gefen ɗaya. Maganar matar rumbun iri ba ta ciki.

“Na ce ko za su ce ki kawo cikon,” in ji ta. “Wasu kam ban same su ba. Akuya ta riga ni.”

Kundin yana Zariya da hatimi a kansa, ba mai ƙara masa ko layi. Na karɓi takardun duka shida, har da jaridar, na jera su a cinyata.

“Za su yi amfani?”

“Sosai ma, Inna. Su nake nema.”

“To madalla,” ta ce. “Tashi ki canja kaya, an kusa kiran salla.”